Neman tushen kalma a ƙamus na Larabci: tambayoyin masu farawa da amsoshinsu

Tambayoyin nan na tattara su ne daga ɗaliban da ke zama da ni a zaure cikin Birni bayan la'asar, da wasu ƴan makarantun faranko-arab na nan Damagaram da ke biyowa ranar hutu. Kusan kowannensu da kuka iri ɗaya yake zuwa: ya sayi ƙamus, ya buɗe, ya nemi kalma, bai gan ta ba. Na rubuta kalmomin Larabcin da boko, inda kuma baƙi biyu za su rikice na ambaci sunan baƙin.

Malam, na nemi *maktabatun* a babin mim na rasa. Ƙamus ɗin ne bai cika ba?

Ƙamus ɗinka lafiyarsa lau, ɗana. Ka je da tunanin ƙamus na Faransanci ne, wanda ke jera kowace kalma bisa baƙinta na farko. Mafi yawan ƙamusoshin Larabci ba haka suke ba. Suna tara kalmomi gida gida, kowane gida da sunan kakansa, kuma kakan nan baƙaƙe uku ne a galibi. *Maktabatun* tana gidan kaf, ta, ba, tare da *kataba* da *kitabun* da *katibun* da *maktubun*. Mim ɗin da ka bi baƙo ne a gidan, shi ya sa ya kai ka unguwar da ba ita ba.

Wannan aikin ba sabo ba ne ga Bahaushe. In aka ce maka maɗinki, maɗinka, ɗinki, ɗinkakke, ɗinke-ɗinke, ba sai an gaya maka cewa *ma* ɗafa-goshi ne ba, kunnenka ya riga ya ji ɗink- a cikinsu duka. Bambancin kawai shi ne saiwar Hausa tana zuwa a dunƙule da wasalinta, ita kuwa ta Larabci baƙaƙe ne tsirara, wasula da ƙarin baƙaƙe suna shiga ta gaba, ta baya, har ta tsakiya.

To daga ina zan fara cirewa?

Daga waje, kamar mai ɓare albasa. Ɓawon farko shi ne ƙananan kalmomin da ake rubutawa manne da kalmar alhali ba jikinta ba ne. A goshi akwai *wa* da *fa*, da *bi* da *li* da *ka*, da *la* ta ƙarfafawa, da *sa* mai nuna abin da zai zo, da *al*. A ƙeya akwai lamirai irin su *hu*, *ha*, *hum*, *ka*, *kum*, *ni*, *na*.

Ɓawo na biyu shi ne abin da ke nuna wane ne ya yi, ko su nawa ne. A goshin fi'ili mulari'i, wato aikin da ake yi yanzu ko za a yi, za ka ga ɗaya daga baƙaƙe huɗu, hamza ko nun ko ya ko ta, waɗanda aka haɗa cikin kalmar *anaitu* don sauƙin hadda. A ƙeya kuma akwai *una* da *ina* da *ani* da *atun* da ta kuri, da *tu* da *ta* da *tum* na fi'ili mali, wato aikin da ya riga ya wuce. Sai ɓawo na uku, wanda ya fi wuya, wato ƙarin da ke cikin ginin kalmar kanta.

Bari mu gwada da kalmar da duk wanda ya yi allo ya sani. Dab da ƙarshen izu na biyu, kafin a shiga *Sayaƙulu*, akwai *fasayakfikahum*. Rubuta ta a kaye da manyan baƙaƙe ka ƙirga: fa, sin, ya, kaf, fa, ya, kaf, ha, mim. Tara ke nan. Fara ta goshi. *Fa* ta haɗi ce, ja mata layi. *Sa* ta nan gaba ce, ja mata layi. *Ya* ta mulari'i ce, ita ma ta tafi. Koma ƙeya. *Hum* lamiri ne, su. *Ka* lamiri ne, kai. Abin da ya rage a tsakiya kaf ne da fa da ya, kuma can za ka tarar da *kafa*, *yakfi*, wato ya isar. Ma'anar kalmar ke nan gaba ɗaya: sai zai isar maka su.

Ina son wannan misalin saboda tarkon da ke cikinsa. Fa biyu ne, ta farko ta tafi, ta biyu ta zauna. Ya biyu ne, ta farko ta tafi, ta biyu ta zauna. Kaf biyu ne, amma a nan na farko ne ya zauna, na biyu ya tafi. Kamannin baƙi ba ya gaya maka ko baƙo ne ko ɗan gida. Mazauninsa da aikin da yake yi a wurin ne ke faɗa.

An ce mana baƙaƙen ƙari goma ne. In na haddace su ai shi ke nan, sai in dinga cire su duk inda na gan su?

Goma ne, gaskiya, kuma malaman sarfu, wato ilimin ginin kalma, sun tara su cikin *sa'altumuniha*: sin, hamza, lam, ta, mim, wau, nun, ya, ha babba, alif. Amma ka juya maganar. Abin da aka ce shi ne, in baƙi ƙari ne a ginin kalma, to daga cikin goman nan yake, in ban da inda aka ninka baƙin asali kamar lam ɗin *allama*. Ba a ce duk inda ɗaya daga cikinsu ya bayyana ƙari ne ba. Ɗauki *salima*. Sin, lam, mim, dukansu suna cikin goman, kuma dukansu asali ne. In ka bi dokarka za ka cire kalmar ƙurmus ka rage da farar takarda.

Amfanin haddar ta ɗaya gefen yake. In ka ga jim, ko dal, ko ain, ko ra, ko ƙaf a tsakiyar kalma, ka san ɗan gida ne, kada ka taɓa shi. Da waɗannan nake cewa ɗalibi ya fara: ya kewaye baƙaƙen da ba sa zama ƙari, sannan ya tuhumi sauran. A *mustagfiruna* gain da fa da ra ba sa cikin goman, sun kuwa cika uku, aiki ya ƙare tun kafin a fara gardama.

Ta yaya zan tabbatar cewa baƙin da na cire ƙari ne?

Wannan ita ce tambayar da ta fi duka, kuma amsarta guda ce: kira ƴan'uwan kalmar su ba da shaida. Baƙin da ya faɗi a wata siga alhali ma'anar tana nan, a galibi baƙo ne. Wanda ya bi kalmar duk inda ta je, ɗan gida ne.

Ga *masjidun* ga *malikun*, dukansu da mim suka fara. Ƴan'uwan ta farko su ne *sajada*, *yasjudu*, *sujudun*, babu mim ko ɗaya, saboda haka mim ta tafi, ka nemi sin, jim, dal. Ƴan'uwan ta biyu su ne *mulkun*, *mulukun*, *malaka*, mim tana nan daram, saboda haka a babin mim za ka same ta. Haka *wajada*: wanda ya saba cire *wa* zai so ya cire, amma *wujudun* da *maujudun* sun shaida cewa wau na gida ne. Haka *fahima*, fa ɗinta ba ta haɗi ba ce. Ita ma *al* tana yaudara. *Alwanun* jam'in *launun* ne, *alsinatun* jam'in *lisanun* ne, lam ɗin asali ce, hamza kaɗai aka ƙara.

Akwai kuma ma'aunin da malaman sarfu suka ajiye, wato fa, ain, lam. Kana ɗora kalmarka a kansa, baƙin asali na farko ya zauna kan fa, na biyu kan ain, na uku kan lam, ƙari kuma a faɗe shi yadda yake. *Katibun* awonsa *fa'ilun*, *maktubun* awonsa *maf'ulun*, *istagfara* awonsa *istaf'ala*. Da zarar kunnenka ya saba da waɗannan amo, sai ka ji kalma tana rabuwa da kanta tun kafin ka ɗauki alƙalami. Wanda ya karanta Lamiyyatul Af'al ta Ibnu Malik, ko Hisnur Rasin na Abdullahi ɗan Fodiyo, abin da ya sha ke nan baiti bayan baiti. Mai farawa ba ya bukatar jiran su. Awo goma sha biyu da ya ji a kunne sun ishe shi buɗe ƙamus.

Na cire *ista* daga *istama'a*, sai baƙi biyu suka rage. Me ya faru?

Kin faɗa ramin da kowa ke faɗawa, ƴata, kuma ƙirgan da kika yi shi ya cece ki. *Istagfara* in an cire *ista* uku ne suke ragewa, gain, fa, ra, lissafi ya fita. *Istama'a* kuwa mim da ain kaɗai suka rage, alamar an kori ɗan gida ke nan. Awonta *ifta'ala* ne, inda ta take kutsowa bayan baƙin asali na farko. Sin ɗin na gida ne, tushen shi ne sin, mim, ain, gidan *sami'a*, ya ji. Haka *ijtama'a* take komawa jim, mim, ain.

Irin wannan rikicin yana faruwa da nun. *Inkasara* awonta *infa'ala*, nun ƙari ce, tushe kaf, sin, ra. *Intasara* kuwa, mai sad, awonta *ifta'ala*, nun ta gida ce, ta ce baƙuwa, tushen nun, sad, ra, gidan da Hausa ta samo nasara. In kin ga *in* a goshi, ki dubi baƙin da ke biye. In ta ce, ki fara zargin ta ɗin kafin nun.

Wannan ta ɗin tana da wani hali, takan sake kaya don ta dace da maƙwabcinta. Bayan sad takan koma ɗa mai hannu, shi ya sa *isɗabara* take gidan sad, ba, ra, na haƙuri. Bayan zai takan koma dal, shi ya sa *izdahama* take gidan zai, ha ƙarami, mim. Ɗa da dal ba sa cikin baƙaƙe goma, amma a nan ta ce ta yi shigar burtu.

In na gama cirewa daidai, kuma har yanzu biyu ne suka rage fa?

To akwai wanda ya ɓuya, kuma wuraren ɓuyan ba su da yawa. Fara da duba shadda. *Madda* baƙi biyu ne a ido, amma ka ce ni na yi, sai ka ji *madadtu*, dal biyu sun fito. Tushen mim, dal, dal. *Rabbun* ma ra ce da ba da ba, *arbabun* ya shaida.

In babu shadda, mai ɓuyan kusan kullum wau ne ko ya, wani lokaci hamza. Yana iya faɗuwa daga goshi: *yasilu* mai sad daga *wasala* take, *sifatun* daga *wasafa*, *yajidu* daga *wajada*. Yana iya faɗuwa daga tsakiya: *ƙul* daga *ƙala*. Yana iya faɗuwa daga ƙeya: *ihdina* da muke karantawa a kowace raka'a, in ka cire *na* da alif ɗin goshi, ha babba da dal ne suka rage, na ukunsu ya ce, *hadaitu* da *hidayatun* sun nuna ta. Hamza kuma ita ta faɗi a *kul*, wato ci, daga *akala*.

Dabarar da nake ba masu farawa ba ta da kyan gani amma tana aiki. Rubuta baƙaƙen biyu, ka gwada wau a gaba, sannan wau ko ya a tsakiya, sannan wau ko ya a ƙarshe, sannan ninka na biyun. Buɗe kowanne a ƙamus ka ga wanda ma'anarsa ta shiga jimlar da kake karantawa. Zai ci maka minti goma a karon farko. Bayan wata biyu za ka riƙa cankar daidai tun gwaji na ɗaya ko na biyu.

Mafi tsananin misali shi ne *ƙina* na addu'ar *wa ƙina azaban nar*. Cire *na*, baƙi ɗaya tak ya rage, ƙaf. Wau ya faɗi a gaba, ya ta faɗi a baya, tushen wau, ƙaf, ya. A gidan nan ne za ka tarar da *ittaƙa* da *taƙwa* da *muttaƙina*, domin wau ɗin ya narke ya koma ta. Na taɓa ganin wani dattijo mahaddaci ya yi rabin sa'a yana jujjuya babin ta yana neman *taƙwa*, gilashinsa a kan hanci, yana cewa ba zai yiwu a ce littafi mai wannan kauri ya manta da tsoron Allah ba. Da aka buɗe masa babin wau sai ya yi dariya har ya cire gilashin.

Alif ɗin tsakiya fa, irin na *ƙala* da *ba'a*? Ban ga babinsa ba.

Ba za ka gani ba, domin alif mai ja ba ya zama asali a fi'ili. Ko dai ƙari ne, kamar na *katibun*, ko kuwa wau ne ko ya suka rikiɗa. Mulari'i da masdari, wato sunan aikin, su ke tona asirinsa. *Ƙala*, *yaƙulu*, *ƙaulun*: wau ne. *Ba'a*, *yabi'u*, *bai'un*: ya ce. In mulari'i ya ƙi magana, kamar *nama*, *yanamu*, sai ka tambayi masdari, *naumun* ya ce wau ne. Alif ɗin ƙarshe kuma, ka jingina aikin ga kanka: *da'a* ta ba da *da'autu*, *rama* ta ba da *ramaitu*.

Kada kuma ka yarda da kowace ya da ka gani. *Mustaƙim* ta Fatiha, bayan cire mim da sin da ta, ƙaf da ya da mim take bari, amma gidanta ƙaf, wau, mim, wajen *ƙama*, *yaƙumu*. *Nasta'inu* ma gidanta ain, wau, nun, wajen *aunun*, taimako. *Mizanun* daga *wazana* take, wasalin ƙasa da ke kan mim ne ya mai da wau ya. Doka mai sauƙi: in ka nema da ya ka rasa, koma wau kafin ka zargi ƙamus.

Mu da muka tashi da Warshu, akwai abin da ke ba mu matsala daban?

Akwai, kuma ba a cika faɗarsa ba. Na farko ɗigo ne. A rubutun allonmu fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya ne a sama. Ƙamusoshin da aka buga a Bairut da Alƙahira fa ce mai ɗigo ɗaya a sama, ƙaf biyu. Gardi ya buɗe babin fa yana ganin ƙaf ne, ya karanta shafi guda yana mamakin kalmomin.

Na biyu jerin baƙaƙe ne. A jerin Magrib, bayan zai sai ɗa mai hannu, sin da shin kuwa suna can kusa da ƙarshe. A jerin gabas da ƙamusoshin nan ke bi, sin ce ta 12, shin ta 13, ain na 18, kaf na 22. Rubuta jerin gabas ɗin duka 28 a guntun takarda ka liƙa a bangon ƙamus ta ciki. Ba abin kunya ba ne, nawa yana nan har yau, ya yi ja.

Na uku hamza ce. A ruwayar Warshu muna cewa *yuminuna* da *muminina*, hamzar ta sassauta ta koma ja, har Hausa ta ɗauki mumini haka. Sai ɗalibi ya ɗauka wau ne baƙin farko. Tushen hamza ne, mim, nun, a babin farko na ƙamus, tare da *imanun* da *amanatun*. Haka *yakuluna* take komawa *akala*.

Sunaye fa, waɗanda ba su da fi'ilin da na sani?

Mai da jam'i tilo tukuna: *masajidu* ta koma *masjidun*, *aƙlamun* ta koma *ƙalamun*. Sunayen da suka zo da baƙi biyu kuma, jam'insu ko tagwaitawarsu ke dawo da abin da ya ɓace. *Abun* ta ba da *abawani*, wau ya fito. *Ma'un*, ruwa, jam'insa *miyahun*, shi ya sa yake gidan mim, wau, ha babba. *Famun*, baki, jam'insa *afwahun*, gidansa fa, wau, ha babba. *Ismun* tana sin, mim, wau, *ibnun* tana ba, nun, wau. Waɗannan ƴan kaɗan ne, hadda ta fi musu sauƙi.

Kada ka matsa wa kowace kalma sai ta koma uku. *Zalzala* da *tarjama* da *dahraja* huɗu ne asalinsu, wasu sunaye ma biyar ne. In ka ƙirga huɗu kuma babu wanda ya faɗi a wajen ƴan'uwa, nemi huɗun.

Na sami tushen daidai, amma a ƙamus ɗin mahaifina ban gan shi a inda ya kamata ba.

Duba sunan littafin. In Ƙamusul Muhiɗ na Fairuzabadi ne, wanda ya rasu shekara ta 817 bayan Hijira, ko Lisanul Arab na Ibnu Manzur, wanda ya rasu 711, to da baƙin ƙarshe ake shiga. Tsarin Sihah na Jauhari suka bi: baƙin ƙarshe shi ne babi, na farko shi ne fasali. *Kataba* tana babin ba, fasalin kaf. *Sami'a* tana babin ain, fasalin sin. Wannan tsari yana da wata rahama ga mai farawa, domin tushen da ya ƙare da wau da wanda ya ƙare da ya babi ɗaya aka haɗa su a ƙarshen littafi, ba sai ka rarrabe ba. Sunan littafin Fairuzabadi ne ma ya zama sunan kowane ƙamus, har a Hausa, alhali asalin ma'anar kalmar teku ce.

Masu shiga da baƙin farko su ne Asasul Balaga na Zamakshari, da Misbahul Munir na Fayyumi, da Munjid wanda ya fara fita a Bairut a 1908, da Mu'ujamul Wasiɗ na majalisar harshen Larabci ta Alƙahira wanda ya fara fita a 1960. Na Kazimirski, Larabci zuwa Faransanci, na 1860, shi ma bisa tushe yake da baƙin farko. Wasu sababbin bugu na Lisan da na Muktarus Sihah an sake musu jeri zuwa baƙin farko, saboda haka suna kaɗai bai isa ba. Gwajin minti ɗaya ne: buɗe tsakiyar littafin ka dubi tushe biyar a jere. In baƙin ƙarshensu ne iri ɗaya, ka san ƙofar da za ka bi.

Wanne zan saya?

In kana iya karanta bayani da Larabci mai sauƙi, Wasiɗ ko Munjid. Ƙamusul Muhiɗ ka bar shi sai ka yi ƙwari, maganarsa a taƙaice take ƙwarai, da alamomi irin su jim don jam'i da mim don abin da aka riga aka sani, kuma sau da yawa abin da shi ya ce sananne ne, shi ne kai ba ka sani ba. Kafin ka biya kuɗi a rumfar mai littattafai a kasuwar Dole, buɗe wurare uku ko huɗu ka tabbata babu shafukan da suka zo farare ko a juye.

Ai akwai ƙamus da ke jera kalma yadda take, akwai kuma na cikin waya. Me zai sa in wahala?

Akwai, Ra'id na Jubran Mas'ud yana cikinsu, kuma ban hana kowa ba. Sai dai ko a can ba za ka sami *fasayakfikahum* a jere ba, dole ka yi ɓawo biyun farko da hannunka ka mai da ita *kafa*. Na waya kuma, in ka buga baƙaƙe ba wasali, yakan kawo maka gidaje biyu ko uku, kai ne za ka zaɓa. Ranar da ka zauna gaban sharhin Ishiriniya ko Muƙamatul Hariri, mai sharhin zai ce maka kalma kaza daga kaza take, ya wuce abinsa, yana ɗauka ka san hanya.

Na shiga gidan, na tarar da shafi biyu cike. Wace ma'ana zan ɗauka?

Kada ka ɗauki ta farko don ita ka fara gani. Baƙaƙen ɓawo na uku da ka cire don ka sami ƙofa, yanzu za ka mai da su don ka sami ɗaki. Ɗauki *layastaklifannahum* ta suratun Nur, mai ha mai ruwa. Baƙaƙe goma ne. *La* ta tafi, *ya* ta tafi, *hum* ta tafi, nun mai shadda ta ƙarfafawa ta tafi, sin da ta suka tafi, aka bar ha mai ruwa, lam, fa. A gidan nan akwai wanda ke nufin ya zo a bayan wani, akwai mai awon *af'ala* da ke nufin ya saɓa alkawari, akwai mai awon *ifta'ala* da ke nufin an yi saɓani, akwai mai awon *tafa'ala* mai shadda da ke nufin ya tsaya a baya bai bi ba. Taka tana da sin da ta, saboda haka gangara har ka kai awon *istaf'ala*, can za ka ga ya sanya shi halifa. A Wasiɗ fi'ilai ne a gaba, marasa ƙari kafin masu ƙari, sannan sunaye su biyo a jere, saboda haka mai baƙaƙe shida yana can ƙarshen fi'ilai, dab da inda sunaye suka fara.

Ka duba kuma ƙaramar kalmar da ke bin fi'ilin a jimlarka. *Ragiba fi* so ne, *ragiba an* ƙi ne, gida ɗaya, awo ɗaya. Ƙamus yakan rubuta su a layi ɗaya, da ɗan tsakani, kuma ido mai sauri yakan tsallake na biyun.

Da me zan yi atisaye a gida?

Da Fatiha. Ka san ta da ka, ka san ma'anarta, kuma kusan duk tarkon da muka ambata yana ciki: shadda a *rabbi*, mim ta gida a *maliki*, mim baƙuwa a *mustaƙim*, wau ɓoyayye a *nasta'inu*, ya da ta faɗi a *ihdina*, hamzar ƙari da *ta* ta ƙeya a *an'amta*. Raba shafin kaye gida uku. A na farko rubuta kalmar, a na biyu abin da ka cire da dalilin cirewa, a na uku tushen da lambar shafin da ka same shi. Gidan tsakiya shi nake dubawa in an kawo mini, domin can ake gane wanda ya canka da wanda ya sani. In ka gama Fatiha, ka ɗauki layi biyar na farkon Ahalari ka yi musu haka, ka zo da kayen ranar Asabar bayan la'asar.